Gam ɗin sitika ya ƙi barin kwalabe da robobin sana'ata

Assalamu alaikum Anti. Ina sana'ar zuma da man shanu da yaji daga gida, a nan Bolari cikin Gombe. Kwalaben Bama da na jam nake saye a kasuwa in wanke, sai kuma wasu robobi masu haske. Damuwata takardun da ke jikinsu. Wasu na jiƙa su har kwana biyu, takarda ta fita amma gam ya zauna, ƙura ta bi ta manne ya yi baƙi ƙirin. Na sa wuƙa da soson ƙarfe, robobin suka karce. Maƙwabciyata ta ce in gwada kananzir, na sa wa robobi shida, yanzu wari ya ƙi fita. Biyu kuma na goge su da ruwan goge jan farce, sun yi fari sun dusashe. Wata mai saye ta dawo min da zuma ta ce kwalbar ta yi mata ƙazanta, wallahi abin ya ƙona min rai. Ga shi an ba ni aikin kwalba arba'in na biki nan da mako guda. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Bolari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa sana'a albarka. Mako guda ya isa har da saura, in dai kin ajiye wuƙa da soson ƙarfe daga yau.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne gam ɗin da ake liƙa takarda da shi ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da yake kwance wannan ba ya taɓa wancan. Akwai gam na ruwa, wanda ake haɗawa daga sitaci ko makamancinsa, a shafa wa takarda yana jiƙe, a manna, ya bushe. Shi ne kike gani a kan yawancin kwalaben gilashi na maltina. Wannan da ruwa aka yi shi, ruwa kuma yake mayar da shi yadda ya fito: ki jiƙa, takardar ta saki da kanta, abin da ya rage ya wanku da soso. Akwai kuma gam na sitika, wanda ba ya bushewa tun asali. An yi shi ne don ya zauna da danƙonsa shekara da shekaru, ya jure sanyin firij da raɓa da jiƙaƙƙen hannu. Wannan ko wata guda ya yi a cikin bokiti ba zai narke ba. Ruwa dai zai ci takardar da ke samansa, ya bar miki shi tsirara, kuma nan ne aikin ya fi wuya, domin takardar ita ce maɗaukinsa. Da tana nan lafiya ƙalau, ita za ki ja ta taho da shi. Gam ɗin sitika abu biyu yake ji: zafi yana sassauta shi, mai kuma yana shiga cikinsa ya kashe masa danƙo.

Saboda haka kada kwalba ta ƙara shiga ruwa sai kin san wanne ne a jikinta. Ganewar ba wuya. Ki sa farce ki ɗaga kusurwa ɗaya, ki taɓa bayanta. In kin ji busasshe ne, ba ya kama yatsa, takardar ma tana ɓarewa da ɗan ƙara, gam na ruwa ne, wannan kwalbar ta tafi bokiti. In ya kama yatsanki, ko kin mayar da kusurwar ta sake mannewa, na sitika ne, kada ruwa ya taɓa bayan kwalbar. Ki kuma lura da ita kanta takardar. Wadda ta yage ta nuna farin ciki mai ɗan gashi-gashi takarda ce ta gaske. Wadda ta miƙe ta ƙi yagewa leda ce, kuma ki yi murna da ita, don leda tana fita gaba ɗaya in aka ɗumama ta, ba ta rabewa biyu.

Bari mu fara da na sitika a jikin gilashi, tunda su ne mafi yawa a aikin da ke gabanki. Dabarar ita ce zafi ya zo wa gam ɗin ta ciki, takardar kuma ta zauna a bushe. Ki ɗora kwalbar a kan tsumma ko faranti na katako, ba a kan siminti mai sanyi ba. Ki fara zuba mata ruwa mai ɗumi, ki jujjuya, ki zubar. Wannan matakin kada ki tsallake shi, musamman da sanyin safiya a lokacin hunturu: gilashin kwalba yana da kauri, in tafasasshen ruwa ya faɗa masa yana sanyi, cikinsa ya buɗe bayansa bai buɗe ba, sai ki ji ƙas, gindin ya tsage. Bayan ta ɗumama sai ki cika ta da ruwan da ya tafasa aka sauke ya huta kamar minti biyar, ki cika har ya wuce saman takardar. Ki yi a hankali kada ya zubo ta baya. Ki bar ta minti uku zuwa biyar, ki riƙe wuyanta da tsumma, ki ɗaga kusurwa ki fara ja.

Yadda ake jan nan shi ne rabin aikin. Ba fizga ake yi ba. Ki naɗe takardar baya, ta kwanta kusa da jikin kwalbar, ki riƙa janta sannu sannu, yatsunki suna matsowa kusa da inda take rabuwa da gilashin. In kin fizga, gam bai samu lokacin sakin gilashi ba, sai takardar ta rabe, samanta ya taho ƙasanta ya zauna. Ki sa ido a bakin da ake rabuwar, zai gaya miki halin da ake ciki. In gilashi yana fitowa fes, ci gaba. In takardar tana turjewa tana neman yagewa, zafi bai kai ba, ki ƙara mata minti biyu. In kuma kin ga gam yana yin zare-zare, rabi a takarda rabi a kwalba, zafi ya yi yawa, ya narke har ya kasa riƙe kansa. Ki dakata ya ɗan huce sannan ki ci gaba. Mutane da yawa ba su san da wannan na ƙarshen ba, suna ganin ƙarin zafi kullum ƙarin sauƙi ne. In takarda ta yage a tsakiya, kada ki bi ta da farce daga nan, ki koma ɗaya kusurwar ki taho ta can.

Ruwan bai ƙare aiki ba, ki juye shi a kwalba ta gaba tun yana da zafi, ki ƙara masa sabo kaɗan. Da tukunya ɗaya za ki bi kwalabe da dama. Mai na'urar busar da gashi, in akwai wuta, za ta iya hura wa takardar iska mai zafi na kamar minti ɗaya, sakamakon ɗaya ne. Ranar Gombe ma tana yi: a jera kwalabe a rana tsaka na rabin awa, a ɗaye su tun suna da zafi. Amma rabin awa na ce. Kwalbar da ta yi watanni a rana a wurin masu sayarwa, gam ɗinta ya tsufa, wani ya ƙeƙashe ya yi rawaya, wani ya lalace ya zama kamar ƙaro, kuma irin waɗannan su ne masu cin rai. Gaba in kin je saye, ki zaɓi masu sabuwar takarda wadda launinta bai koɗe ba, ko da za a ɗora miki wani abu a kai. Na fi son ki biya wannan ɗan ƙarin da ki biya da yininki.

In ɗan gam ya rage nan da can bayan takarda ta fita, tun kwalbar tana da ɗumi ki ɗauki takardar da kika cire, ki riƙa danna gefenta mai danƙo a kan ragowar kina ɗagawa da sauri. Gam yana son ɗan'uwansa fiye da gilashi, zai bi shi. Salatif mai faɗi ma yana yin wannan aikin.

Yanzu ga waɗanda suka riga suka yi baƙi. Wannan baƙin ba datti ne da ya shiga gilashi ba, ƙura ce da zaren tsumma suka hau kan danƙo, kuma duk za su fita tare. Maganinsu man gyaɗa ne, wanda ke kicin ɗinki. Sai dai sharaɗi na farko, kwalbar ta bushe sarai. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, in akwai laima a kan gam ɗin man zai zame ne kawai bai shiga ba. Ki haɗa cokali biyu na man gyaɗa da cokali biyu na bekin soda, ki dama ya yi kauri yadda zai zauna a jikin kwalba ba tare da ya gangaro ba. Bekin soda nake nufi, wadda ake samu wurin masu kayan kek, ba bekin foda ba. Kowanne da aikinsa a haɗin nan: man shi ke shiga gam ya kashe danƙon, garin kuma yana riƙe man a wurin, sannan in an zo murzawa ya tattara gam ɗin da ya mutu ya hana shi sake shafuwa a gefe. Wannan adadin zai ishi kwalba takwas zuwa goma. Ki shafa da yatsa ya rufe wurin duka, ki kwantar da kwalaben a tire, ki tafi wani aikin.

Minti talatin shi ne mafi ƙaranci. Tsohon gam yana son awa biyu, wani ma sai ya kwana. Nan ne yawancin mutane suke karaya, su shafa mai, su murza nan take, su ga wurin ya ƙara cakuɗewa, su ce ai ba ya yi. Yana yi, lokaci ne ba a ba shi ba. Yadda za ki san ya nuna, ki tura gefen wurin da babban yatsa. In gam ya tattaru ya naɗe ya zama 'yan ƙananan dunƙule masu santsi, ya mutu. In har yanzu yana kama yatsa yana ja, ki ƙara shafawa ki ƙara jira. Idan ya nuna, ki kankare da tsohon katin banki ko wani kati mai tauri irinsa, ki riƙa goge bakin katin a takarda bayan kowane ja. Sannan ki bi wurin da busasshen tsumma ko tsohuwar jarida, kina juya wuri mai tsabta kowane lokaci, don tsumman da ya ɗauki gam in kika maimaita shi mayar da shi yake yi.

Inda babu bekin soda, man kaɗai ya isa: ki jiƙa 'yar takarda ko auduga da shi ki liƙa a wurin don kada ya gangare. A jikin gilashi kina iya sa tokar murhu da aka tankaɗe da rariya mai laushi a madadin sodar, amma a gilashi kawai, kuma tankaɗaɗɗiya, don yashi ɗaya a ciki ya isa ya ja layi. Basilin ma yana yi, ya kuma fi zama a wuri, sai dai ya fi wuyar wankewa. Manja kada ki sa wa roba, zai bar mata launin da ba ya fita.

Akwai gam ɗin da mai ba ya cinsa sosai, ko an bar shi ya kwana sai ya yi laushi kawai bai saki ba. Ba laifinki ba ne, haɗinsa ne daban. Wannan sai sifirit, irin wanda ake sayarwa a kemis. Ki goge man tukuna, ki jiƙa auduga da sifirit, ki ɗora a wurin, ki rufe da 'yar leda don yana saurin tashi, ki jira minti biyar, ki murza. Nesa da murhu da risho za ki yi wannan, yana kama wuta. In har wani abu ya rage a gilashi, reza sabuwa ta halatta, amma da ladabinta: a jiƙa wurin da mai ko ruwan sabulu, a kwantar da rezar sosai, a tura ta gaba kawai, hannun da ke riƙe da kwalba yana bayanta. Tsohuwar reza mai tsatsa ko mai karyayyen baki ita ke karce gilashi.

Wankin bayan mai yana da muhimmanci a wurinki fiye da wadda za ta zuba sukari ta ajiye a kanta, domin ke za ki liƙa taki sitikar. Sitika ba ta zama a kan maiƙo, ko wanda ido ba ya gani. Za ta manne yau, gobe kusurwoyinta su tashi a hannun mai saye. Ki sa sabulun wanke-wanke kai tsaye a kan maiƙon tun kafin ruwa ya taɓa shi, ki murza da yatsa, sannan ki kawo ruwan ɗumi. A haka sabulun yake kama man da kyau. Ki ɗauraye ki duba yadda ruwa yake sauka. A gilashin da ya fita, ruwa yana shimfiɗuwa ya gangara bai ɗaya. Inda maiƙo ya rage, sai ya tsaya ɗigo-ɗigo, ya zana miki daidai inda tsohuwar takardar take. Wannan wurin a sake masa sabulu. Kafin ki liƙa taki, ki bi gurbin da auduga mai ɗan sifirit, ki bari ya bushe.

Masu gam na ruwa ba sa buƙatar dogon bayani. Babban baho, ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, omo kamar cikin tafin hannu biyu a bokiti guda na ruwa. Ki cika kowace kwalba da ruwa don ta nutse, in ba haka ba za ta yi ta yawo a sama rabin takardarta a bushe. Awa ɗaya tana isar yawancinsu, masu taurin kai su kwana. Jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace tana ƙara wa ruwan ƙarfi a kan irin wannan gam, sai dai tana busar da fata, ki ɗauraye hannu ki shafa mai bayan kin gama. Takardar da aka yi wa rufi mai sheƙi ruwa ba ya ratsa ta da wuri, ki ɗan tsattsaga fuskarta da bakin cokali mai yatsu don ya samu hanya.

To, sai roba, kuma a nan nake so ki natsu da ni, don gilashi yana yafe kuskure, roba ba ta yafewa. Gilashi ba ya shan komai, ba kananzir ba fetur ba ruwan goge jan farce, kuma ya fi wuƙar kicin tauri ko ya yi kusa da ita. Roba kuwa tana da laushi, tana shan wari, wasu ruwaye kuma suna narkar da fuskarta. Sannan roba ba iri ɗaya ba ce. Ki juya gindin kowace, yawanci za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 1 ita ce irin ta gorar ruwa da lemo da yawancin robobi masu haske kamar gilashi. Wannan tana fara laushi tun zafi yana wajen digiri 70, tafasasshen ruwa kuwa digiri 100 ne, shi ya sa in an zuba mata shi take takurewa ta lanƙwashe, bakinta ya daina karɓar murfi. Mai lamba 5 ita ce irin ta robobin ajiye abinci masu ɗan duhu-duhu da ke lanƙwasa ba su karye ba, tana jure ruwan zafi sosai. Mai lamba 2, irin ta jarka da galan, ita ma tana da juriya. Mai lamba 6 tana da haske da ƙarar gilashi in an ƙwanƙwasa, tana tsagewa da wuri, kuma ita ce mafi rauni a gaban duk wani ruwa mai ƙarfi.

Hanyar cika ciki da ruwa tana yi wa roba, da sauƙin zafi. Ga mai lamba 1 da duk wadda ba ki ga lambarta ba, ki haɗa kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da kofi biyu na ruwan randa a wani mazubi daban, sannan ki zuba. Wannan yana ba ki zafi wajen digiri 50, ya isa ya sassauta gam, bai isa ya lanƙwasa roba ba. Ki ba ta minti biyar zuwa goma tunda zafin kaɗan ne. Ragowar danƙon kuma man gyaɗa zalla, a murza da yatsa ko tsumma mai laushi. A roba mai haske ina ganin gara ki bar sodar ma, don murza mai ƙarfi da ita tana iya rage sheƙi. Kati kawai, ba reza, ba wuƙa, ba koren gefen soso. Sifirit ba ya cutar da mai lamba 1 da 2 da 5, amma akwai robobi masu tauri da haske, irin na wasu kofuna da jug, da yake sa wa ƙananan tsaga. Duk abin da za ki sa wa robar da ba ki sani ba, ki ɗiga shi a gindinta tukuna, ki jira minti biyar ki gani.

Game da biyun da suka yi fari, gaskiya ɗaya ce, ba za su dawo ba. Yawancin ruwan goge jan farce asiton ne a ciki, kuma abin da ya yi ba tabo ba ne a saman robar, fuskarta ce ya ci. In kina son tabbatarwa, ki shafa ɗan mai a wurin: zai yi kamar ya washe, amma da kin wanke da sabulu ya bushe farin zai dawo yadda yake. Ragowar gam ba ya haka, shi yana da danƙo kuma yana raguwa da kowace murza. Ki mayar da su na ajiye allura da maɓalli.

Shidan da suka sha kananzir kuwa, roƙonki nake, ki cire su daga sana'ar gaba ɗaya. Kananzir yana shiga cikin naman roba ne, ba a sama yake tsayawa ba, shi ya sa wanki bai kai gare shi ba. Za ki iya shanya su har hancinki ya daina ji, amma man shanu da yaji mai maiƙo suna janyo irin wannan warin daga jikin mazubi, kuma kwana uku a rufe cikin zafi sun isa mai saye ta buɗe ta ji. Ba maganar wari kaɗai ba ce, abu ne da bai kamata ya kusanci abincin mutane ba. Kuɗin roba shida bai kai sunanki a unguwa ba. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, kananzir yana cire gam, ya ma fi man gyaɗa sauri, amma wurinsa gilashin taga da makamantansa. Ko a kwalbar gilashi ban so ki sa shi, don ɗigo ɗaya ya taɓa murfi, wanda roba ne ko yana da roba a cikinsa, an koma gidan jiya. Fetur da tina na masu fenti kada ma su shigo maganar, a gidan da ake girki kuma yara suna yawo.

Wani abin da ya fi wannan nauyi, tunda a kasuwa kike sayen kwalabe kuma ƙasarmu ta manoma ce: kafin ki cire kowace takarda, ki karanta ta. Takardar ita ce kaɗai shaidar abin da ya taɓa zama a ciki. Duk mazubin da ya ɗauki maganin feshi, maganin ƙwari, maganin ciyawa ko wani sinadari, babu wankin da zai mayar da shi na abinci. Wanda kuma ya zo miki babu takarda, ba ki san asalinsa ba, in roba ne ki bar shi.

Akwai kuma waɗanda ba a cire su, kada ki ɓata ƙarfinki. Wasu robobin bota da bokitan fenti, tun wurin ƙera su ake narka hoton a jikinsu. Ki shafa da farce, in ba ki ji bakin takarda ba, hoton da robar abu ɗaya ne. Rubutun da ke jikin kwalaben lemo na gilashi da ake mayarwa kamfani fenti ne da aka gasa da wuta, mai da sifirit ba sa taɓa shi. Ledar da ta lulluɓe gora tun daga wuya har gindi kuwa yawanci babu gam a ƙarƙashinta, da zafi aka tsuke ta, almakashi kawai za ki zura ki tsaga ta daga sama zuwa ƙasa.

Ga yadda zan tsara kwalabe arba'in ɗin nan da a hannuna suke. Ki tanadi arba'in da biyar, saboda wata za ta tsage, wata kuma za ki ga bakinta ya ɓantare, irin wannan ba ta shiga abinci. Gobe da safe ki zauna ki bi su ɗaya bayan ɗaya da farce, ki raba su uku: masu busasshen gam, masu sitika da ba a taɓa ba, da waɗanda suka riga suka yi baƙi. Na farko su shiga baho nan take. Na uku a shafa musu haɗin mai da soda a jera a tire, a rufe da wani tsohon zane saboda ƙura, don ƙurar da ta sauka a kan mai ƙarin aiki ce. Yayin da waɗannan biyun suke jira, ke kina kan na tsakiya da tukunyar ruwan zafi, biyar biyar: ki cika biyar, kafin ki gama cika ta ƙarshe ta farko ta kusa nuna. Duk wadda ta bar ragowa ta koma tiren mai. Zuwa la'asar ki kankare na tire, ki ware 'yan taurin kan ki sake shafa musu su kwana. Washegari wankin sabulu ciki da waje, da gwajin ruwan nan, da sifirit ga wanda ya ƙi.

Murafen ki wanke su daban, ki kula da zaren cikinsu inda tsohon abinci yake maƙalewa, ki shanya su a rana su rabu da wari. Kwalaben kuma ki kife su a kan tsabtataccen zane su tsane, sannan ki juya su ki rufe bakinsu da wani zanen mara kauri su ƙarasa bushewa yini guda cur. Zuma tana jan ruwa, in ta samu laima a gindin kwalba saman ta yana iya yin tsami ya yi kumfa, man shanu ma ruwa yana sa shi saurin lalacewa. Ki ɗaga kowace kwalba ki duba ta a hasken rana kafin ki zuba komai, kina jujjuya ta, don siririn gam da ya rage a inuwa ba ya nunawa sai ƙura ta same shi a hanya. Sitikarki ita ce ƙarshe, bayan an zuba an rufe an goge bayan kwalbar, don zumar da ta ɗiga a baya ma danƙo ce mai kiran ƙura.

Ita kuwa wadda ta dawo da zuma, ki zaɓi mafi kyau a cikin kwalaben da suka rage, ki cika, ki aika mata.